Shirya Fefofin Ajiya Don Ranar Kare Aikin Bincike

Ɗaliban da suka yi aikin haɗin gwiwa kan raguwar kifi a gaɓar tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Ngaski, sukan zo ranar kariya ɗauke da rahoto mai babi biyar, alhali lokacin da za a ba su bai fi minti goma sha biyar ba. Saboda haka jerin fefofin da za a haska a allo, wato silaidi, bai kamata ya wuce goma zuwa goma sha biyu ba, kuma kan kowane fefe ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin sakamako, misali “Masu raga mai ƙaramin ido sun fi kama ƙananan kifi”, maimakon kalmar “Sakamako” kawai.

Bayan fefen ƙarshe ake jera fefofin ajiya, waɗanda ba a nuna su sai an yi tambaya. Ana samo su ne idan ƙungiyar ta zauna ta binciko raunin aikinta: me ya sa aka zaɓi mashigan da aka yi binciken, masunta nawa aka tambaya, kuma an tattara bayanai lokacin cikar tafki ne ko lokacin janyewarsa, tunda kamu yana bin ruwa. Kowace tambaya ta sami fefe ɗaya mai tebur ko taswira, da lambar shafin rahoto, da sunan wanda zai amsa. Idan adadin da ke fefe ya saɓa wa na rahoto, malaman jarrabawa za su fara shakkar sauran aikin, don haka a gwada su ɗaya bayan ɗaya. A PowerPoint, lokacin da ake haskawa, idan aka buga lambar fefe sannan aka danna Enter, za a kai mai jawabi can kai tsaye, shi ya sa ake riƙe lambobin a takarda.