Gyara Saƙon Musayar Aiki Kafin Ka Tura

Abokan aiki na Babban Asibitin Tambuwal, saƙo irin "Riƙe min gobe" shi ke barin ɗakin marasa lafiya ba kowa. Wace gobe, in an karanta bayan sha biyun dare? Aikin safe ko na dare?

Ku rubuta haka: "Salamu alaikum Hajiya. Don Allah ko za ki karɓar min aikin daren Laraba a ɗakin haihuwa? Zan je Kebbe gaisuwar rasuwa. Ni zan yi naki na daren Asabar. In ba hali, ba komai."

Wannan jimlar ta ƙarshe tana da muhimmanci ga na ƙasa da ku, don kunya kan hana su cewa a'a. Kada ku ɗauki shiru a matsayin amincewa. In ta yarda, ku sanar da shugabar ɗaki ta gyara jadawali.