Yadda Ake Mayar da «Nawa Ne?» Ya Zama Ciniki a WhatsApp

Mai sayar da albasa a Galmi, cikin yankin Malbaza, yana iya samun saƙonni da yawa a lokacin cirar albasa, amma akasarinsu a tambayar farashi suke tsayawa. Ciniki yana mutuwa ne idan ka faɗi kuɗi ka yi shiru.

Da farko ka amsa da wuri, ko da kana gona: «Na ga saƙonka, Alhaji, bayan azahar zan turo hoto.» Wanda ya tambaye ka ya tambayi wasu, kuma wanda ya riga amsawa shi ake fara ciniki da shi.

Kafin ka yanke farashi, ka tambayi abu uku: buhu nawa, ina za a kai, yaushe ake so. Mai niyyar saye zai amsa kai tsaye, mai jin farashin kasuwa kawai zai kauce. Sai ka ɗauki bidiyon kayan yau, ka buɗe bakin buhun a ga girman albasar da bushewar wuyanta. Tsohon hoto rigima yake jawowa ranar sauke kaya.

Wurin lissafi ne ya kamata ka fi natsuwa. A Ƙonni sefa da naira duk suna yawo, saboda Illela ta jihar Sakkwato tana tsallaken iyaka. Akwai kuma Illela tamu ta jihar Tawa, don haka ka tabbatar wacce ake nufi. Ko da murya kuka yi ciniki, ka rubuta kuɗin da lambobi, ka faɗi na wace ƙasa ne. A ce ɗan kasuwar Yamai yana son buhu 20, kowanne jikka 15. Rubuta masa: albasa sefa 300.000, lodi 5.000, kuɗin mota 40.000, jimla 345.000. Ka ƙara da cewa farashin na yau ne zuwa magariba, domin albasa ba ta zama wuri ɗaya.

Daga nan ka nemi kafin alƙalami, misali kashi ɗaya cikin uku, wato 115.000, ta Nita ko Amana. Kada hoton rasit ya sa ka yi lodi, ana ƙirƙirarsa. Sai ka karɓi kuɗin, ko ka gan su a asusunka. In mota ta tashi, ka tura masa lambarta da ta direba.

Wanda ya ce zai yi shawara, ka sa wa hirarsa alama a WhatsApp Business, ka tuntuɓe shi washegari da labari mai amfani: «Mota za ta tashi Alhamis, akwai sauran wurin buhu 20, in riƙe maka?» In ka yi haka sau biyu bai tanka ba, ƙyale shi, amma ka adana lambarsa da sunan garinsu, ka sanar da shi idan sabon kaya ya fito.