Matakan Gane Jinsin Suna a Hausa

Ɗalibai da yawa a makarantun Takur da ke Dutse sun haddace cewa duk sunan da ya ƙare da wasalin "a" tamata ne. Dokar tana aiki sau tari, amma gida, ruwa, nama da suna duk da "a" suka ƙare, kuma maza ne. Abin dogaro shi ne yadda kalmomin da ke kewaye da sunan suke dacewa da shi.

Mataki na 1: Mayar da sunan tilo. Jam'i ba ya bambance jinsi: mata ne, maza ne, motoci ne.

Mataki na 2: Sa masa dirka, wato "ne" ko "ce". Kunnenka zai karɓi "gida ne" da "gona ce", ya ƙi "gida ce".

Mataki na 3: Sa shi a jimla, ka saurari "ya" ko "ta". Ruwa ya tafasa, miya ta tafasa. Ƙara sifa don tabbatarwa: sabon gida, sabuwar gona.

Mataki na 4: Gwada mahaɗi, amma a hankali, don nan ake zamewa. Harafin "r" sai sunan tamata mai ƙarewa da "a" yake hawa, kamar rigar Audu. In tamatan ta ƙare da wani wasali, "n" take ɗauka. Muna cewa gwamnatin Jigawa, sai ɗalibi ya ɗauka namiji ce. Ƙarasa jimlar: gwamnatin Jigawa ta biya albashi. Haka macen kirki da Kanon Dabo. Duk inda mahaɗi ya saɓa da "ta" ko "ce", bi bayan "ta" da "ce".

Mataki na 5: Duba ma'ana. Sunan garinmu ya isa misali. Dutse ya gangaro, wannan na kan tudu ne. Dutse ta cika da baƙi, wannan birni ne, domin sunayen garuruwa da ranakun mako tamata ne, kowane harafi suka ƙare da shi: Ringim ta bunƙasa, Litinin ce. Amma in ka ce garin Dutse, sai "ya cika", don yanzu "gari" ke jan ragamar jimlar. Kaka, jika da likita kuwa jinsin mutumin suke bi: kakana ya zo, kakata ta zo.

Wannan tsari na gida biyu ne kawai, ba kamar Fulatancin maƙwabtanmu ba, mai azuzuwan suna sama da 20, kowane da kalmomin dacewarsa.

Ka kuma lura da bakin wanda kake gwadawa da shi. A Hausar Bauchi bambancin jinsi ya yi rauni, za ka ji "mota ne", Basakkwace kuma "na" da "ta" yake cewa a gurbin "ne" da "ce". Ba kuskure ba ne a karinsu, amma a takardar jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake nema. Malamai, ku daina ba yara dokar "a" ita kaɗai, ku sa su gina jimla da kowane suna.