Za Ka Je Ganin Gidan Haya? Sa Lokaci Biyu a Saƙon Farko

Koken da masu neman gidan haya a Kano suka fi kawowa kusan iri ɗaya ne. An yi waya da mai gida, an ce a haɗu Asabar da yamma, mutum ya biya kuɗin adaidaita sahu tun daga Hotoro har Rijiyar Zaki, ya tarar da ƙofa a garƙame, wayar Alhaji kuma ba ta shiga. Su ma masu gidajen da nasu ƙorafin. Mutum ya bar rumfarsa a Kantin Kwari ya zo ya tsaya da makulli a hannu, mai neman gidan bai zo ba, bai kuma kira ba. Galibi ba wanda ya yi niyyar wulaƙanta wani. Yadda aka ƙulla alƙawarin ne tun farko ba zai riƙe ba, domin "Asabar da yamma" ba lokaci ba ne, kuma ba wanda ya faɗi abin da za a yi idan Asabar ɗin ta ƙi.

Maganin abin saƙo ne guda a rubuce, ko ta WhatsApp ko ta tes. Ko da kun gama magana ta waya, ko kun yi musayar saƙon murya, a bi bayansa da rubutu. Saƙon murya yana da daɗin gaisuwa, amma wanda ke tsakiyar kasuwa ba zai tsaya ya sake sauraren maganar minti uku don ya gano ƙarfe nawa aka ce ba. Rubutu kuwa kallo ɗaya ya isa.

Mu ɗauki malamin makaranta da ke zaune a Hotoro, yana son ganin gida mai ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki, mai gidan kuma dattijo ne ɗan kasuwa. Ga yadda saƙonsa ya kamata ya kasance:

"Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni ne malamin da muka yi waya jiya a kan gidanku na Rijiyar Zaki, mai ɗaki biyu da falo. Ina so na zo na gani ranar Asabar 14 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma, bayan sallar la'asar. Mu biyu ne, ni da ƙanina. Idan Asabar ɗin ba ta yiwu ba, sai Lahadi 15 ga wata ƙarfe 10:00 na safe, in Allah ya yarda. Duk wanda uzuri ya taso masa cikinmu, ya sanar kafin ƙarfe 12:00 na ranar Asabar. Don Allah a turo mini kwatance, da wanda zai buɗe gidan idan ba ku ne za ku zo ba. Na gode."

Saƙon bai yi tsawo ba, amma dubi abin da ya ɗauko. Ya faɗi ko wane gida, domin mai gida na iya samun gidaje uku da yake neman masu haya, masu kiransa kuma sun fi haka. Ya haɗa sunan rana da kwanan wata, saboda "Asabar mai zuwa" idan aka faɗe ta ranar Alhamis, wani jibi zai fahimta, wani kuma ta makon gaba. Ya haɗa ƙarfe da lokacin salla. "Bayan la'asar" kaɗai tana iya kaiwa har gab da magariba, ƙarfe kaɗai kuma yana iya faɗawa daidai lokacin da ake tayar da salla. Idan aka haɗa su, kowa ya san ya yi sallarsa ya taho.

Lokaci na biyun shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Mutane da yawa suna rubuta "ko Asabar ko Lahadi, duk wanda ya yi muku". Wannan ba madadi ba ne, zaɓi ne aka bar shi a buɗe. Alhaji zai amsa da "To, ba damuwa", kai kana nufin Asabar, shi ya ɗauka Lahadi. Dole ɗaya ya zama shi ne alƙawari, ɗayan kuma yana jiran ko ta kwana. Ba a komawa na biyun sai na farkon ya rushe, kuma sai an faɗi cewa ya rushe.

Shi ya sa aka sa wa'adin ƙarfe 12:00. Idan babu shi, lokaci na biyun yakan zama lasisin saɓa na farko: mutum ya ji ai akwai Lahadi, sai ya ƙi fitowa Asabar ba tare da ya ce komai ba, ɗan uwansa na can yana tsaye a rana. Wa'adin ya kamata ya zo kafin mai nisa ya bar gida, da rata mai kyau. Wanda zai ratso gari daga gabas zuwa yamma yana iya tashi tun wajen ƙarfe 3:00 ya yi la'asar a can, saboda haka sanarwar da ta zo ƙarfe 4:00 ba ta amfane shi da komai ba.

Sai kuma zaɓen lokacin na biyu kansa. Ƙa'idar ita ce kada abin da zai iya rusa na farko ya rusa shi ma. Idan ka ce 4:30, in ba ta yiwu ba 5:30 na wannan yammacin, ba ka yi komai ba. Rasuwa ko ɗaurin aure ko tafiyar da ta hana Alhaji zuwa 4:30, ita ce za ta hana shi 5:30. Ga shi kuma a watan Disamba magariba a Kano tana yi ne jim kaɗan bayan ƙarfe 6:00, sai ka ƙare da duba silin da fitilar waya. Da damina ma haka: hadari ya fi haɗuwa da yamma, to idan na farko yamma ne, na biyu ya zama safiya. Amma kada a nisanta shi da yawa. Kwana ɗaya ko biyu ya isa. Gida mai kyau a unguwar da ake rububi ba zai jira ka mako guda ba, mai gida kuma bai yi maka alƙawarin zai hana wani gani ba.

Akwai lokutan da mai hankali ba ya sa su ko a na farko ko a na biyu. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe 12:00 zuwa 3:00, tituna da dama kusa da masallatan Juma'a a cushe suke ko a toshe. Safiyar Asabar ta ƙarshen wata a Kano lokacin tsaftar muhalli ne, ana taƙaita zirga-zirga har ƙarfe 10:00. Safiyar Asabar da Lahadi kuma lokacin ɗaurin aure ne, dattijo mai jama'a da wuya ya rasa gayyata, don haka idan ka sa safiyar Lahadi a madadi, ka buɗe kunne ka ji ko zai ce a ɗaga zuwa bayan azahar. Da azumi kuwa, kada ka sa wa kowa lokaci gab da shan ruwa.

Amsar mai gida ma tana da yadda ake son ta. "To" ko "Allah ya kai mu" addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna ya karanta ranar ba. Alamar shuɗin maki biyu a WhatsApp ma ba amincewa ba ce, ta nuna an buɗe saƙon ne kawai, wataƙila ma yaron shago ne ya buɗe. Amsar da ke ɗaure magana ita ce wadda ta maimaita lokacin:

"Wa alaikumus salam Malam. Asabar 14 ga wata 4:30 ta yi. Idan ba ta yiwu ba, Lahadi 10:00 na safe. Ɗana ne zai zo da makulli, zan turo maka lambarsa. Ka sauka a bakin titi wajen gidan mai, ka kira shi ya shigo da kai."

Idan amsar da ka samu "To" ce kawai, kada ka ji nauyi. Ka mayar cikin ladabi: "Na gode Alhaji, ke nan Asabar 4:30 ko?" Dattijo ba zai ji haushin wannan ba.

Maganar makulli ba ƙarama ba ce. Sau da yawa mai gida ya zo, mai nema ya zo, makullin kuma yana hannun dillalin da ya tafi nuna wani gida a Ɗorayi, ko mai gadin da ya tafi cin abinci. Idan akwai dillali a tsakani, a tura masa saƙon nan kamar yadda yake, lokutan biyu duka, kuma a tambaye shi tun kafin a fito ko akwai kuɗin gani da yake karɓa, nawa ne, kuma idan aka koma lokaci na biyu ba za a sake biya ba. Wannan tambaya ta ƙarshe tana kashe rigima da yawa a ƙofar gida.

Idan kuma har yanzu da mutane a ciki, tsohon ɗan haya bai tashi ba, to alƙawarin na mutum uku ne. Ba a kutsa wa matan aure da baƙi maza ba sanarwa. Nauyin mai gida ne ya nemi izinin maigidan da ke ciki a kan lokutan biyu kafin ya amsa maka, kuma don haka ne ka faɗi ku nawa ne za ku zo. Mace mai neman gida ta faɗi cewa za ta zo da mijinta ko ɗan uwanta, ta kuma tsaya a kan lokacin da rana ke sama.

To idan uzurin ya zo fa? A ce Asabar ƙarfe 11:00 aka kira Alhaji jana'iza. Layi biyu sun wadatar: "Malam ka yi haƙuri, an yi mana rasuwa, yau ba za ta yiwu ba. Mu haɗu gobe Lahadi 10:00 kamar yadda muka yi." Ba sabon ciniki, ba "yaushe kake da lokaci". Malamin ya yi ta'aziyya, ya ce Allah ya kai mu goben, shi ke nan. Idan uzurin ya faɗo bayan wa'adi ya wuce, wannan ba na rubutu ba ne, a kira waya nan take, domin mutum na iya kasancewa a hanya ba data. Wanda ya iso bai ga kowa ba, ya kira, ya jira kamar minti 30, sannan ya rubuta cewa ya zo ya koma, yana nan a kan lokacin gobe idan an tabbatar masa kafin dare.

Wanda ya saɓa lokutan biyu duka ba tare da bayani ba, ya riga ya nuna maka yadda zai yi ranar da rufi ya fara yoyo, ko ranar da kuɗin haya ya cika. Wanda kuma ya yi ta ɗaga ranar gani, sannan ya ce akwai wani da ke nema, ka turo kafin alƙalami a riƙe maka, kada ka tura ko sisi. Ba a biyan kuɗin gidan da ba a shiga an gani ba.