DARASI: YADDA AKE RUBUTA TALLAN REDIYO NA DAƘIƘA 30

Tun da dokar 1997 ta ba da damar buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a ƙasar Benin, mutanenmu na Zango da Agontinkon a Kwatano suke kai tallan dabbobi, musamman gab da layya. To amma gidan rediyo lokaci yake sayarwa, ba kalmomi ba. In ka sayi daƙiƙa 30, wato rabin minti, ka kai rubutu mai tsawo, ko dai a datse ƙarshensa, inda sunanka da wurinka suke, ko mai karatu ya yi ta gudu har ba a gane me ya ce.

Ga lissafin da muke bi. Daƙiƙa biyu na farko na kiɗa ne, biyu na ƙarshe ma haka, saura 26 na magana. Mai karanta Hausa a natse yana faɗin kalma biyu a daƙiƙa, ko sama kaɗan. Ke nan kalma 50 zuwa 55 kake da su. Doguwar gaisuwa da kirarin maigida sai a bar su a zaure.

A raba takarda gida uku: lokaci, umarni, sai abin da za a faɗa. Umarni a sa shi cikin baka, don kada mai karatu ya karanta shi a iska. Ga misali na mai raguna, mun kira shi Alhaji Wane:

0–2 KIƊA (kalangu da ƙarfi, sannan a sassauta shi ƙarƙashin murya)
2–8 MURYA TA 1 (kamar mai shela): Jama'ar Kwatano, albishirinku! Ragunan layya sun sauka a Agontinkon, wajen Alhaji Wane.
8–11 MURYA TA 2 (mai saye): Alhaji, waɗanne iri ne kuka kawo?
11–18 MURYA TA 1: Balami da uda da bali-bali, kiwon gida, lafiyayyu, kowanne ya kai shekarun layya.
18–20 MURYA TA 2: A ina zan same ku?
20–28 (kiɗa ya tsaya) MURYA TA 1 (a hankali): Agontinkon, Kwatano, wajen Alhaji Wane, kullum daga hantsi har magariba. Kada ku manta, wajen Alhaji Wane.
28–30 KIƊA (ya dawo, ya mutu a hankali)

Ku ƙirga, kalma 52 ce. Suna ya fito sau uku, unguwa sau biyu, domin mai saurare yana bisa babur ko cikin hayaniyar Dantokpa, ba ya riƙe da alƙalami. Mun tsayar da kiɗa a daƙiƙa ta 20 da gangan, shirun nan shi ke sa kunne ya juyo daidai inda ake faɗin wuri.

Za ku lura ba mu sa lambar waya ba. Tun ƙarshen Nuwamba 2024 lambobin Benin suka koma guda goma, bayan an ƙara 01 a gaba. Na Nijeriya kuwa goma sha ɗaya ne. Faɗin lamba goma ɗaya bayan ɗaya yana cin daƙiƙa shida ko bakwai, in aka maimaita kusan rabin tallan ya tafi. Wanda ya ce lallai sai da lamba, to ya cire layin irin raguna ya sa ta a gurbinsa, kada ya cusa duka biyun.

Farashi ma mun guje shi. Ban da cewa kasuwa na tashi ta sauka kafin kwanakin talla su ƙare, akwai rikicin lissafi. Mutumin Maraɗi in ya ji jaka, sefa 1,000 ya ji. Bakano kuwa naira 200 ya sani. In dole ne, a ce sefa kaza ƙarara.

Batun kiɗa, a zaɓi wanda ba waƙa a cikinsa, don baki biyu ba sa magana lokaci ɗaya a ji su. Kalangu ya dace, tun da can kiɗan mahauta ne, amma fa a ƙasa-ƙasa. In tashar ta addini ce, a tambaya tukuna ko tana karɓar kiɗa. In ba ta karɓa, kukan rago sau ɗaya a farko ya wadatar.

Kafin a biya, a karanta rubutun da ƙarfi sau uku ana duba agogo. In ya wuce 26, kalma za a rage, ba sauri za a ƙara ba. Bayan an ɗauka kuma, a saurare shi a ƙaramar rediyo ko waya a tsakiyar turke, a tambayi yaron da bai ga takardar ba: wa ke sayarwa, kuma a ina? In ya yi inda-inda, a ce wa mai haɗa sauti ya ƙara sassauta kiɗan, a sake ɗaukar layin ƙarshe.