Amsoshin Tambayoyinku: Neman Aiki a Asirce a LinkedIn

Wani mai sauraronmu daga Bacirawa, malami a makarantar kuɗi, ya ce yana neman aiki a Kano ta LinkedIn, amma ba ya so mai makarantar ya sani. Yaya zai yi?

To Malam, ka buɗe shafinka ka shiga Edit public profile & URL. Adireshin da LinkedIn ke ba mutum yakan zo da tarkacen lambobi a wutsiya. Ka share su ka bar sunanka kawai, yadda zai zauna tsaf a takardar neman aiki. Kada ka saka shekarar haihuwa ko lambar waya, don kowa na ganin adireshin.

A wannan shafin kuma kana iya ɓoye hotonka da wurin aikinka daga Google da waɗanda ba su shiga LinkedIn ba. Amma fa idan mai makarantar yana da rajista, zai iya ganinka. Abin da ya fi tona asiri shi ne koren zoben nan na Open to Work da ke kewaye hoto. Ka zaɓi Recruiters only, zoben ba zai fito ba, ko da yake LinkedIn da kansa bai ba da tabbacin cikakken sirri ba.

Kafin ka gyara bayanan aikinka, Malam, ka kashe Share profile updates with your network, don kada sanarwa ta je wa abokan aikinka.