Nonogiram: Gidajen da Dole a Baƙanta

'Yan'uwa ɗalibai, nonogiram wasan ƙwaƙwalwa ne daga Japan. Lambobin gefen layi suna faɗin gidaje nawa za a baƙanta a jere, da farin gida aƙalla ɗaya tsakanin rukunai.

Zana layi mai gida 10, lambobinsa 4 da 3. Idan ka tura rukunan hagu, za su zauna a 1–4 da 6–8. Idan ka tura su dama, sai 3–6 da 8–10. Duk inda ka tura, rukunin farko bai bar gida na 3 da na 4 ba, na biyu kuma bai bar na 8 ba. Baƙanta su.

Hattara da gida na 6! Ya fito sau biyu, amma rukunai daban suka taka shi. Ƙyale shi tukuna.

Gwada: gida 15, lambobi 6 da 5.